Yadda ake fassara qi da danshi na likitancin gargajiyar Sin ba tare da yi wa mai karatu ƙarya ba

Masu fara wannan aiki kusan duk wuri ɗaya suke faɗuwa. Suna ɗaukar jimlar da likitan gargajiya na Sin ya faɗa a cikin tsarinsa, su mayar da ita Hausa kamar sakamakon gwajin asibiti ce. Kalmomin sun fito daidai, amma abin da mai karatu ya tafi da shi ba gaskiya ba ne. Bari mu ɗauki jimla guda, irin wadda ake gani a jikin kwalin shayi, mu bi ta har ƙarshe. Ma'anarta kalma da kalma ita ce: "Raunin qi na saifa yana haifar da danshi, wannan shayi yana ƙarfafa saifa, yana kawar da danshi."

Da farko ka nemo asalin kalmar Sinanci kafin ka rubuta komai. Yawancin abin da ke iso mana ya riga ya bi ta Turanci ko Faransanci, kuma a can aka fara karkatar da shi. Wani Bafaranshe, George Soulié de Morant, shi ya yaɗa fassara qi da kalmar da ke nufin makamashi tun a shekarun 1930, sai mutane suka riƙa jin kamar wani lantarki ne ke gudu a jiki wanda za a iya aunawa. Babu na'urar da ta taɓa auna shi. A tsofaffin littattafai irin su Huangdi Neijing, wanda aka tattara sama da shekara 2,000 da suka wuce, qi yana ɗaukar numfashi, da tururi, da ƙarfin da ake samu daga abinci, da aikin da wani sashe na jiki ke yi. Ni dokata ita ce a bar qi yadda ake rubuta shi, a gaya wa mai karatu ana furta shi kamar "ci", sannan a yi bayaninsa sau ɗaya: suna ne da wannan tsari ya ba ƙarfin da yake ganin yana tafiyar da ayyukan jiki. Daga nan, a kowace jimla ka duba aikin da ake nufi. A tamu, narkar da abinci ake nufi.

Na biyu, ka kula da kalmomin Hausa da suka riga suka ɗauki kaya. Tsarin ya lissafa abubuwa 6 daga waje da yake cewa suna kawo cuta: iska, sanyi, zafin bazara, danshi, bushewa da wuta. Ka rubuta "iska ta shige shi" kawai, Bahaushe ya tafi wajen aljanu. Ka rubuta "ciwon sanyi", mace ta ɗauka maganar cutar al'aura ake yi. Saifa ma haka take. A asibiti saifa tana tace jini, tana taimakon garkuwar jiki. Abin da Sinawa ke kira pi, wanda ake fassarawa da saifa, shi aka ɗora wa narkar da abinci da rarraba ruwa a jiki. Idan ka bar "raunin saifa" tsirara, wani zai kashe kuɗinsa a hoton ciki yana neman abin da ba a nan yake ba. Sai ka rubuta "abin da tsarin ke kira saifa, wato aikin narkar da abinci".

Yanzu danshi, wanda sunansa a Sinanci shi ne "shi". A nan na fi ganin ɓarna, don haka zan ɗan jima. Sabon mai fassara yana jin kalmar ta yi masa baƙunta, sai ya nemi wadda ta fi daɗin ji: "guba", "datti", "ruwa ya taru a jiki", wani har "kitse". Kowace cikinsu da'awa ce sabuwa da shi ya ƙirƙira. Guba abu ne da ake iya ganowa a jini. Taruwar ruwa kuwa, kumburin ƙafa da fuska, tana iya zama alamar ciwon zuciya ko ƙoda ko hanta, kuma wanda ke da ita idan ya karanta cewa shayi na cire ta, zai iya zama a gida yana sha har lokaci ya ƙure.

Danshi a wannan tsari suna ne na tarin alamomi. Likitansu yana cewa mutum na da shi idan ya ga jiki ya yi nauyi, kai kamar an naɗe shi da tsumma, ciki ya cushe, ba sha'awar abinci, bayan gida ruwa-ruwa, harshe kuma ya rufe da wani fari mai kauri da maiƙo. To, abin da za ka ba mai karatu ke nan. Ka ajiye kalmar danshi, ka jera alamomin a bayanta, ka faɗa a fili cewa ba wani ruwa ne da gwaji ke nunawa ba. Ka kuma ƙara cewa waɗannan alamomi suna iya fitowa daga cututtuka daban-daban da asibiti ke rarrabewa. Wannan yana cin layi uku ko huɗu. Mai ba da aikin zai ce ya yi tsawo, musamman idan da yawan kalmomi yake biya, amma nan ne ba a ragewa.

Sai aikatau, wanda shi ne ainihin maƙerar ƙarya. "Yana kawar da", "yana warkar da", "yana maganin", duk alkawari ne daga bakinka. Ka mayar da maganar ga masu ita. Jimlarmu za ta koma haka: "A likitancin gargajiyar Sin, idan narkar da abinci ya yi rauni, ana cewa danshi yana taruwa, wato nauyin jiki, cushewar ciki da rashin son abinci. Masu bin tsarin suna ba da wannan shayi ga mai irin waɗannan alamomi." Kada ka faɗi "a cewarsu" sau ɗaya a sama ka manta da shi, mutane sakin layi guda suke yankowa su tura wa 'yan uwa, saboda haka kowane sakin layi ya ɗauki nasa.

Haka nan kada ka ari sunan manya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa babi na 26 kan alamomin likitancin gargajiya a kundinta na rarraba cututtuka da aka amince da shi a 2019, amma don a riƙa rubuta su da ƙidaya su ne, ba shaidar cewa magungunan suna aiki ba. Tu Youyou, wata masaniyar magunguna 'yar Sin, ta sami kyautar Nobel a 2015 kan maganin zazzaɓin cizon sauro da ta fitar daga ganyen qinghao, dangin tazargade, bayan gwaje-gwaje masu yawa. Wannan bai tabbatar da qi ko danshi ba.

Sunayen tsirrai kuwa kada ka canza su da na gida don sun yi kama. Ka bar sunan Sinanci, ka haɗa da na kimiyya. A farkon shekarun 1990 a Beljiyam, an sa wani tsiro mai suna guang fang ji a madadin wani mai suna han fang ji a cikin maganin rage ƙiba, mata sama da 100 suka kamu da ciwon ƙoda. Duk gargaɗin da ke cikin asali, na masu juna biyu ko na masu shan wani magani, ka fassara shi cikakke.

Idan ka gama, ba wani wanda bai san tsarin ba ya karanta, ka tambaye shi me shayin yake yi. In ya ce yana wanke guba ko yana gyara saifa, koma kan aikatau ɗinka da bayanin danshi ka sake su.