In kai ne lauyan wanda ake tuhuma, kada ka musa komai da komai

'Yan'uwa masu shirin shari'ar gwaji a Kongo, harabar Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, ga dabarar da ta rage min wahala: a jawabin buɗewa, amince da abin da ba ya musuntuwa, ka tsaya a kan gaɓa ɗaya.

A shari'ar da muka gwada, an tuhumi wani da satar keken ɗinki a Sabon Gari, shaidu biyu sun gan shi ɗauke da shi.

Da na miƙe sai na ce: "Ya mai shari'a, gaskiya ne ya ɗauka, da rana tsaka, a gaban jama'a. Jingina ce aka ba shi kan bashin naira 40,000."

Shi ke nan, shaidun biyu sun tashi a banza, don abin da suka zo tabbatarwa na riga na amsa.

Dalili kuwa, ɗauka kaɗai ba ta zama sata a dokar Final Kod, wato kundin hukunta laifuffuka na jihohin Arewa, sai an nuna niyyar cuta. Nauyin nuna ta yana wuyan mai gabatar da ƙara, kuma sai ya kawar da duk wani kokwanto mai ma'ana, kamar yadda sashe na 135 na Dokar Shaida ta 2011 ya tanada. Faɗi wannan sau ɗaya, ka zauna.

Amma a kula. In kariyarka ita ce ba ya wurin, kada ka amsa ɗauka ko da wasa. Kuma kada ka ambaci jingina sai kana da takarda ko mutumin da aka yi a gabansa, domin abokin karawarka zai tuna wa alƙali alkawarin da ka kasa cikawa.