Babi na Bakwai: Rashin Haihuwa da Yadda Ake Karanta Sakamakon Gwajin Maniyyi

Likitoci ba sa cewa ma'aurata na da matsalar haihuwa sai sun shekara guda cur suna saduwa a kai a kai, ba tare da amfani da wata hanyar tazarar haihuwa ba, amma ciki bai samu ba. A kai a kai ɗin nan yana nufin kamar sau biyu ko uku a mako. Mijin da yake aiki a Legas, yake leƙo Zariya sau ɗaya a wata biyu, shekararsa ba ta cika ba ko da kalanda ta nuna haka. Idan matar ta haura shekara 35, ba a jira shekara, wata 6 ya isa a je asibiti. Haka ma idan al'adarta ta ɗauke ko ta rikice, ko mijin ya san an taɓa yi masa aiki a maraina, babu dalilin jira.

A shekarar 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan mutum ɗaya cikin shida yana fuskantar wannan matsala a wani lokaci na rayuwarsa. A wajen rabin ma'auratan da abin ya shafa kuwa, namiji yana da hannu a ciki, ko shi kaɗai ko tare da matar. Duk da haka a wajenmu mace ake fara turawa, ta sha jiƙe-jiƙe da tsimi, ta gama yawon asibiti, maigida ko ƙofar ɗakin gwaji bai taɓa takawa ba.

Inda matsalar take ɓuya

Kafin ciki ya samu, sai mace ta saki ƙwai, sai ƙwayoyin haihuwar namiji sun isa kuma suna da kuzari, sai hanyar da za su haɗu ta kasance a buɗe, sannan mahaifa ta iya riƙe abin da aka samu. Ko ina cikin waɗannan aka samu cikas, ciki ba zai zauna ba.

A ɓangaren mace, abin da aka fi gani a ƙasashenmu shi ne toshewar bututun da ke ɗauko ƙwai zuwa mahaifa. Ƙwayar cuta ce take jawo shi: ciwon sanyi da ba a yi maganinsa da kyau ba, ko cutar da ta shiga bayan haihuwa ko ɓari. Ciwon yakan wuce ya bar tabo, tabon ya rufe hanya, matar kuma ba ta jin komai. Sai rashin sakin ƙwai, wanda alamarsa ita ce al'ada mai tsallake watanni, wani lokaci da fitowar gashi a haɓa, ko ruwan nono ga wadda ba ta shayarwa. Ƙarin mahaifa ma yakan hana, amma ba kowanne ba. Wanda ya tsiro ta cikin mahaifar shi ya fi yin ɓarna.

A ɓangaren namiji akwai kumburin jijiyoyin jini na maraina, wanda ya fi zuwa a hagu, yana ɗumama 'ya'yan maraina fiye da yadda suke so. Akwai hangum da ya kama mutum bayan ya balaga ya sauka maraina, da ɗan marainan da bai sauko ba tun yarinta, da ciwon sanyi da ya toshe hanyar maniyyi. Taba da wiwi da tiramol suna rage ƙwayoyin. Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, allurar sinadarin maza da wasu ke yi don ƙarin ƙarfi ko gina jiki tana iya tsayar da ƙera ƙwayoyin gaba ɗaya. Ƙarfin namiji a shimfiɗa daban, ƙwayoyin haihuwarsa daban. Haihuwar da ya yi shekarun baya da wata matar ma ba hujja ba ce a yau.

Gwaje-gwajen farko

Likita zai fara da tambayoyi da duba jikin kowannensu, shi ya sa ake so su zo tare. Ga mace akan yi sikanin na mara, da gwajin jini da ke nuna ko ta saki ƙwai. Wannan jinin ana ɗibarsa ne kwana 7 kafin al'ada ta gaba, wato rana ta 21 ga wadda al'adarta ke zagayowa duk kwana 28; wadda tata ke kai kwana 35 kuwa sai rana ta 28. Idan aka ɗiba a ranar da ba ita ba, takarda za ta ce ba ta saki ƙwai ba alhali ta saki. Sai hoton HSG, inda ake zuba wani ruwa ta bakin mahaifa a ga ko zai ratsa bututun. Ana yin sa bayan jini ya ɗauke, wajen rana ta 7 zuwa ta 10, kuma yana da ɗan ciwo irin na mara.

Gwajin maniyyi ya fi duk waɗannan sauƙi, babu allura, babu ciwo. A ganinmu kuskure ne a kai mace hoton HSG kafin a ga sakamakon mijinta.

Yadda ake ba da maniyyi

Yawancin sakamakon da ke tayar wa mutane da hankali tun wajen ɗiba aka ɓata shi. Ana so mutum ya ƙaurace wa fitar da maniyyi na kwana 2 zuwa 7. Ƙasa da haka adadin zai ragu, fiye da haka kuma masu motsi za su ragu. A karɓi roba mai tsabta daga ɗakin gwaji, kada a zo da kwalbar gida. Kada a yi amfani da sabulu, man shafawa ko kwaroron roba na kanti, domin suna kashe ƙwayoyin. Azalu ma ba a son sa, saboda tunkuɗar farko ita ta fi ƙwayoyi, ita ce kuma ta fi saurin zubewa. Idan wani abu ya zube, a faɗa wa ma'aikacin, ba abin kunya ba ne. Wanda yake da damuwa ta addini game da hanyar ɗiba ya yi wa likita magana tun da wuri, kuma a watan azumi a shirya lokacin gwajin da kyau.

Dole maniyyin ya isa ɗakin gwaji cikin awa guda, a aljihun da ke jikin fata, ba a rana ba, ba cikin ƙanƙara ba. Wanda zai taso daga cikin birnin Zariya, ya bi ta Kwangila da Samaru zuwa Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, awar na iya ƙarewa a hanya. Gara ya ba da shi a can.

Lambobin da ke kan takarda

Ma'aunin da aka fi bi shi ne na Hukumar Lafiya ta Duniya, bugun 2021. Mafi ƙarancin abin da ake sa rai ga shi:

Yawan ruwan maniyyi: mililita 1.4
Ƙwayoyi a kowace mililita: miliyan 16
Jimillar ƙwayoyi a fitarwa ɗaya: miliyan 39
Masu motsi ko wane iri: kashi 42 cikin 100
Masu tafiya gaba, waɗanda ake rubutawa PR: kashi 30
Masu rai: kashi 54
Masu cikakkiyar siffa: kashi 4

Wasu ɗakunan gwaji har yanzu suna bin bugun 2010, inda za ka ga mililita 1.5, miliyan 15, da kashi 32 na masu tafiya gaba. Bambancin kaɗan ne.

Ga yadda aka samo waɗannan lambobi. An gwada mazan da matansu suka yi ciki cikin shekara guda, aka jera sakamakonsu daga ƙarami zuwa babba, aka ja layi a inda kashi 5 na ƙasa suka tsaya. Ke nan akwai mazan da ke ƙasa da layin kuma sun haihu, akwai kuma waɗanda suka haura shi amma haihuwa ta yi musu wuya. Layin yana nuna wanda ya kamata a ƙara bincika ne kawai. Kashi 4 na siffa ma yana firgita mutane, mutum ya ga an rubuta 5 ya ce kashi 95 nasa sun lalace. Ma'aunin ne mai tsanani, ɗan karkacewar kai ko wutsiya ya isa a cire ƙwaya daga lissafi. Biyar ya wadatar.

Misali

A ɗauka wani tela ne a Tudun Wada, ɗan shekara 38, matarsa tana da 27, shekararsu biyu da aure. Takardarsa ta nuna mililita 3, ƙwayoyi miliyan 11 a kowace mililita, PR kashi 24, siffa kashi 5.

Abu na farko shi ne a fitar da jimilla: 3 sau 11, miliyan 33. Ya gaza 39, amma ba da nisa ba. Wannan lissafin ya fi lambar mililita ɗaya muhimmanci. Wani zai zo da miliyan 20 a mililita yana murna, alhali ruwan nasa mililita 1.2 ne, jimillarsa miliyan 24 kacal, ƙasa da ta telan. Abu na biyu, a ga nawa ne ke tafiya gaba: kashi 24 na miliyan 33, wajen miliyan 8 ke nan. Su ne za su yi tafiyar neman ƙwai.

Kafin likita ya ce komai, zai tambaye shi: Malam, ka yi zazzaɓi a 'yan watannin nan? Sai ya ce zazzaɓin cizon sauro ya kwantar da shi mako biyar da suka wuce. Amsar nan ta sauya lissafi. Ƙera ƙwayar haihuwa yana ɗaukar wajen kwana 74, ga kuma kwanakin da take yi a hanya kafin ta fito. Maniyyin yau aikin wata uku da suka shige ne, kuma zazzaɓi mai zafi yana ɓata ƙwayoyin da ake cikin ƙerawa. Saboda haka ba a yanke hukunci da gwaji ɗaya. Za a duba marainansa yana tsaye, a ce ya yi yunƙuri, don a ji ko jijiyoyin sun kumbura, sannan a ce ya dawo bayan wata 3.

A ce gwaji na biyu ya nuna mililita 2.8, miliyan 19, PR kashi 34. Jimilla ta zama miliyan 53, masu tafiya gaba wajen miliyan 18. Zazzaɓin ne, sai a mayar da hankali kan gwajin matar. Da ya sha wani haɗi a tsakanin, da haɗin zai yaba wa. Idan kuwa lambobin sun zauna a ƙasa, sai a yi gwajin jini na sinadaran da ke sarrafa maraina, a tura shi wajen likitan mafitsara da al'aurar maza.

Sauran abubuwan lura

Ruwan da bai kai mililita 1.4 ba, a fara zargin zubewa ko gajeren ƙauracewa. Idan ba su ba ne, ana tunanin toshewa, ko komawar maniyyi cikin mafitsara, abin da ake gani ga masu ciwon sukari. Sai a gwada fitsarin da aka yi bayan fitarwa. Fararen ƙwayoyin jini da suka kai miliyan 1 a mililita suna nuna yiwuwar ciwo, amma a bari likita ya tabbatar kafin a sha maganin kashe ƙwayoyin cuta. Kauri ko ruwa-ruwan maniyyi a ido ba ya nuna yawan ƙwayoyi, domin kowane maniyyi yakan fito da kauri ya narke cikin rabin awa zuwa awa guda.

Idan aka rubuta ba a ga ƙwaya ko ɗaya ba, wannan ba a jira wata 3, ana maimaitawa da wuri, a juya maniyyin a na'ura a duba abin da ya kwanta a ƙasa. In an tabbatar, tambaya ta gaba ita ce: ba a ƙerawa ne, ko hanya ce ta toshe? 'Ya'yan maraina ƙanana tare da hauhawar FSH a jini, wato ɗaya daga cikin sinadaran da ke sarrafa maraina, suna nuna matsalar ƙerawa. Idan girmansu daidai ne, FSH ma daidai, toshewa ake zargi, kuma a nan ana iya yin aikin buɗe hanyar, ko a ɗebo ƙwayoyin kai tsaye daga maraina a haɗa su da ƙwan matar a ɗakin gwaji.