Kurakuran Ciniki a Wasan Monopoli: Kada Ka Sallama Ruwan Lemo da Arha

Duk inda aka shimfiɗa allon Monopoli a Zariya, ko a ɗakunan ɗalibai na Samaru da Kongo ko a zauren gida a Tudun Wada, kuskure ɗaya ne ke ta maimaita kansa. Sabon shiga yana auna fuloti da farashin da aka buga a katinsa. Wannan farashi na banki ne. Tsakaninka da abokin wasa, abin dubawa shi ne sau nawa ake faɗawa a kan launin, da kuma nawa za ka kashe kafin hayarsa ta fara cizo.

A allon Landan, launin ruwan lemo, wato Bow Street da Marlborough Street da Vine Street, yana taku 6 da 8 da 9 daga gidan yari. In aka jefa dayis biyu, hanyoyi 14 cikin 36 ne ke ba da ɗaya daga waɗannan lambobi, ga shi kuma ba inda ’yan wasa ke yawan komawa kamar gidan yari. Gida ɗaya a nan 100 ne. Gidaje uku-uku 900 ke nan, haya ta zama 550, 550 da 600. Kore kuwa gida 200 ne, sai ka zuba 1,800 kafin ka kai uku-uku. Dalilin nacewa a kan gida na uku shi ne a nan haya ke tsalle: a Vine Street gida biyu 220 ne, na uku ya kai ta 600.

To ga yadda ake yanka mutum yana murmushi. Kana riƙe da Regent Street da Oxford Street na kore, da Vine Street, da kuɗi 400. Abokinka yana da Bond Street da sauran ruwan lemo biyu, da kuɗi 900. Sai ya ce, “Malam, ba ni Vine in ba ka Bond, in ɗora maka 100.” Ka duba kati, ka ga 200 za ka bayar ka karɓi 320 har da ƙari, ka ce ka sallama. Haba! Shi ya rage da 800, nan take ya gina gidaje takwas. Kai kana da 500, gida biyu kawai za ka iya, hayarka 130 da 150. Ranar da ka faɗa kan 600 ɗinsa da 100 a hannu, dole ka mayar wa banki gidajen nan a rabin kuɗi, 200, ka jinginar da fuloti biyu a 150-150 kafin ka cike. Koren da ka yi wa rawa ya kife, bai kawo ko sisi ba.

Gyaran shi ne kafin ka buɗe baki ka ƙirga kuɗin kowa bayan ciniki, ka raba da kuɗin gida. A wannan misali ni ba na sakin Vine sai an ɗora 600. Shi zai rage da 300, gida ɗaya-ɗaya, haya 70 zuwa 80. Kai da 1,000 ka gina huɗu, Bond ta kai 450, ka ajiye 200. In ya ƙi, ka ce masa albarka, ka riƙe katinka. Muddin Vine na hannunka, nasa biyun hayar 14 kawai suke kawowa. Kuma ka dubi allo: in mutum biyu na zaune a gidan yari, ba lokacin ba wa kowa ruwan lemo ba ne.

Wani abin haushi shi ne cika wa wani launi a karɓi kuɗi zalla, ko kamfanin ruwa da na wuta. Kai ba ka samu inda za ka yi gini ba, kuɗin kuma hayarsa za ta kwashe su. Masu yin haka don kunyar yaya ko don a daina yi musu magiya, ku sani sauran ’yan wasa ma kun cuce su.

Sauran ƙanana ne. Fulotin da ke jingine ba daidai yake da lafiyayye ba, domin kana karɓarsa za ka biya banki kashi 10 cikin 100 na kuɗin jinginar. Alkawarin “zan yafe maka haya sau biyu” babu shi a dokar wasa, kada ka sa shi a lissafi. Gidaje 32 ne kacal a akwati, don haka in ka kai huɗu-huɗu kada ka yi gaggawar komawa otal, gidajen da ka mayar banki da su abokin cinikinka zai gina nasa launin.