Yadda ake lissafin kuɗin makaranta na zango idan akwai rangwamen 'yan uwa da tarar jinkiri

Kafin ka taɓa lissafi, karɓo takardar kuɗin zangon daga makaranta ka duba abu biyu: kan wane kuɗi rangwamen yake hawa, kuma kan wane kuɗi ake ɗora tara. Yawancin saɓanin da ake samu da ofishin kuɗi daga nan yake tasowa.

Fara da kuɗin karatu zalla, kowane yaro da layinsa. A ce yara uku gare ka: babban 60,000, na tsakiya 50,000, ƙaramin 40,000. Makarantar ta ce yaro na biyu yana da rangwamen kashi 10 cikin 100, na uku kashi 15. To, na tsakiya an rage masa 5,000, saura 45,000. Ƙaramin an rage masa 6,000, saura 34,000. Babban zai biya nasa cif. Jimilla 139,000, wato rangwamen duka 11,000 ne.

A nan ake yawan zamewa. Wani sai ya haɗa 10 da 15 ya ce kashi 25, ya cire daga 150,000, ya sa rai da ragin 37,500. Ba haka ba ne, kowane kaso a kan kuɗin mai shi kaɗai yake aiki.

Sai littattafai da yunifom. Waɗannan galibi rangwame ba ya shafar su, don haka bayan an gama cire shi ake ƙara su. Littattafan yaran uku 27,000, yunifom kuwa ƙaramin kaɗai za a saya wa, saiti biyu a 7,000 kowanne, 14,000 ke nan. Kuɗin zangon ya tashi 180,000.

Tara ita ce ta ƙarshe. A ce ka biya 100,000 kafin wa'adi ya cika, saura 80,000, tarar kuma kashi 5 ce. Idan a kan ragowar bashi ake ɗora ta, 4,000 ce, zangon ya ci 184,000. Idan kuwa a kan jimillar kuɗin ne, 9,000 ce, ko da ka riga ka biya fiye da rabi. Ka kuma tambaya ko sau ɗaya ake cin tarar ko duk wata take sabuntawa.

Sharaɗin da ya fi ciwo, a ganina, shi ne wanda wasu makarantu ke sakawa cewa wanda ya makara ya rasa rangwame. In haka ne, 11,000 ɗin nan ta dawo kanka, bashin ya koma 91,000, tararsa 4,550, zangon gaba ɗaya 195,550. Saboda haka in kuɗin hannunka ba su isa duka ba, tambayi ofishin ko biyan kuɗin karatu kaɗai kafin wa'adi zai tsare maka rangwamen, sannan ka tabbata an rubuta a rasit abin da ka biya wa da ranar da ka biya.