Kurakuran da aka fi yi wajen ƙiyasta aikin da tawaga za ta iya ɗauka a zango mai zuwa

Ranar da tawagar masu rubuta manhaja ke tsara zango, wato sifirint, ɗan ƙayyadadden lokacin da ake ɗibar wa aiki, akwai tambayar da ba ta ƙarewa: maki nawa za mu ɗauka? Maki su ne lambobin da ake ƙiyasta girman kowane aiki da su. Galibi wani zai buɗe jadawalin Velocity, mai nuna makin da aka kammala a kowane zango, ya karanto matsakaicin zango uku da suka wuce, kowa ya gyaɗa kai. Sai ana saura kwana biyu a rufe zango a ga katunan ayyukan da ba a gama ba jibge a kan allo, a fara kallon-kallo. Alhali tun ranar farko lissafin ya karkace, domin an auna zango mai hutu da mudun zangon da kowa ke nan.

Mu ɗauki tawaga mai mutum 6, zangonta mako biyu, wato ranakun aiki 10. A zango uku na baya sun kammala maki 41, 35 da 40, matsakaici kusan 39 ke nan. A zango mai zuwa akwai hutun gwamnati na kwana ɗaya a mako na biyu. Mai gwajin manhajar tawagar za ta yi hutun wannan makon gaba ɗaya, wani kuma ya nemi kwana ɗaya a makon farko. Kamar kullum, kowane mako akwai mutum guda da ke kan tsaron korafe-korafen masu amfani da manhajar, ba ya taɓa aikin zango.

Kuskure na farko shi ne a ɗauki 39 ɗin nan yadda take. Wannan kowa na iya gane shi, ba sai na daɗe a kai ba. Wanda ya fi ɓoyuwa shi ne kuskuren masu ƙoƙarin gyarawa, wato cire abu guda sau biyu.

Ga yadda yake faruwa. Mutum 6 sau kwana 10 ya ba da 60. A cire 6 na hutun gwamnati, saura 54. Mai tsaro yana cin kwana ɗaya a kowace ranar aiki, ranakun aikin kuwa yanzu 9 ne, saura 45. Hutun mai gwaji kwana 4 ne, ba 5 ba, tunda ɗaya daga cikin ranakun ya faɗa kan hutun gwamnatin da aka riga aka cire (nan ma mutane kan yi tuntuɓe). Saura 41. A cire kwana ɗayan da aka nema, a tsaya a 40. Zuwa nan komai daidai. Sai mai lissafi ya ce ai 40 cikin 60 kashi biyu bisa uku ne, don haka kashi biyu bisa uku na maki 39 za a ɗauka, wato 26. A nan aka kauce hanya. Tawagar ba ta taɓa samun kwana 60 ba. A waɗancan zangunan ma akwai mai tsaro, kuma akwai wanda ya je hutu. Maki 39 ɗin an same su ne bayan tsaro ya riga ya ci rabonsa, yanzu kuma an sake yanka masa wani rabon.

Wasu ba sa tsayawa nan. Sai su ce ai akwai taruka da amsa saƙonni, su ninka da kashi 70 cikin 100, lissafi ya sauko 18. Tarukan nan kuwa, daga na tsaye mai minti 15 kowace safiya har zuwa na waiwaye a ƙarshen zango, duk an yi su a zangunan baya, suna cikin 39 ɗin. Wannan ragin yana da amfani ne ga mai lissafi da awoyi daga tushe, wanda bai da tarihin maki. Alamar tawagar da ta faɗa wannan rami ita ce ta cinye aikinta tun ranar bakwai, ta koma jawo katunan da ba a tace su ba. Daga nan shugabanni su daina yarda da duk lambar da ta faɗa.

Gyaran ba wuya. A koma zangunan baya a ƙirga ranakun da aka yi aikin zango da gaske, da irin ƙa'idar da aka bi a sama. A misalinmu 50 ne, da 45, da 50, jimla 145. Makin da aka kammala jimlarsu 116.

```
116 / 145 = 0.8
40 x 0.8 = 32
```

Maki 32 ke nan, ba 39 ba, ba kuma 26 ba. Ni dai ina ba da shawara a ajiye ɗan jadawali mai layi ɗaya ga kowane zango, ranaku da maki kawai, a cike shi a ranar rufewa. Idan aka bari sai bayan wata biyu, ba mai tuna wa ya yi rashin lafiya yaushe. Kuma makin katin da ya kammalu kaɗai ake rubutawa. Katin da ya kai rabi sifiri ne har sai ya gama.

To amma 32 ɗin ma tana iya yaudara, domin lissafin ya ɗauka kwanan kowa daidai yake da na kowa. Duba wadda za ta tafi hutu: ita kaɗai ce mai gwaji, kuma makon ƙarshe za ta tafi, lokacin da aiki ke kwararowa wajenta. A takarda kwana 4 aka rasa cikin 44. A zahiri duk katin da bai isa hannunta ba kafin ƙarshen makon farko zai kwana a layin jiran gwaji, masu rubuta manhaja na ta ƙaro wasu a bayansa. Saboda haka bayan an fitar da lamba, a ɗora sunaye kan kalanda a duba wane aiki ne ba mai iya yi idan wane ba ya nan. Ko dai a sa katunan da suka fi buƙatar gwaji a gaba, ko a ware wani tun yanzu ya karɓi gwajin a mako na biyu. Idan an ware wani a sani cewa hannu ɗaya ya ragu a wajen rubutu, a sauke wasu makin. Wannan kallon kalandar ne kuma ke tona asirin jadawalin tsaro, don sau da yawa za a tarar sunan mai hutu ne a kan makon da ba ya nan. Tawagar da mutanenta ke ƙasashe daban-daban kuwa ba za ta cire 6 a dunƙule ba, sai ta bi hutun kowa da kalandar ƙasarsa.

Saura batun tsaro da ke malala. A tsari mutum ɗaya ne, amma idan matsala ta yi tsanani yakan janyo na biyu, wanda aka tayar da dare kuma safiyarsa ta tafi. Idan malalar nan kusan iri ɗaya ce kowane zango, a ƙyale ta, tana cikin 0.8 ɗin. Inda ake ware mata wuri daban shi ne zangon da ya bambanta da na baya, misali wanda ya biyo bayan sakin babban sabon sashe na manhaja. A nan sai a duba abin da ya faru bayan saki na ƙarshe. Idan a wancan karon mutum na biyu ya ɓatar da kwana 3 yana taya mai tsaro, a cire 3 daga 40, a ninka 37 da 0.8, a samu kusan 30. Katin da ke tsakanin 30 da 32 a tace shi a ajiye a saman jerin jira, idan makon farko ya wuce lafiya a jawo shi ranar Litinin.