Yadda ake binciken jerin asara a kasuwar fores: tsarin ne ya lalace ko kai ne ka karya ƙa'ida?

Idan asara ta jeru wa ɗan kasuwar fores, yawanci abu biyu yake yi. Ko dai ya yi watsi da tsarinsa ya shiga neman wani sabo, ko ya ƙara lot, wato girman cinikin da yake shiga da shi, don ya mayar da kuɗinsa da wuri. Duk biyun yanke hukunci ne kafin bincike. Ragowar kuɗin da ke cikin asusu ba ya nuna wanda ya yi laifi, domin tsari mai kyau da aka bi yadda ya kamata yana iya jawo asara takwas a jere, haka ma tsari mai kyau da aka yi wa hawan ƙawara. Abin da zai raba maka su shi ne ka ware cinikin da ka yi bisa ƙa'ida daban, wanda ka karya ƙa'ida daban, ka auna kowane kashi shi kaɗai.

Za mu bi misali guda daga farko har ƙarshe. Asusu ne na dala 1,000. Tsarin yana shiga EURUSD ne kawai, wato cinikin yuro da dalar Amurka, a awa uku na farko bayan buɗe kasuwar Landan. Fif shi ne ma'aunin ɗan motsin farashi. Sitof los, wato wurin da ciniki zai rufe kansa idan ana asara, fif 20, wurin ɗaukar riba fif 40, lot 0.05, wato duk fif ɗaya santi 50 ne, asarar ciniki guda kuma dala 10. Bayan ciniki 20 na ƙarshe asusun ya koma dala 860, kuma a tsakiyarsu akwai asara takwas a jere.

Mataki na 1: Dakata, ka fitar da tarihin cinikinka

Kada ka buɗe sabon ciniki sai ka gama binciken. A manhajar ciniki ta MT5 ta kwamfuta, ka shiga History a ƙasan allo, ka danna dama, ka zaɓi Report ka fitar da shi zuwa Excel. Ka ɗauki aƙalla ciniki 20, har da waɗanda suka gabaci fara asarar. Idan asarar kaɗai ka ɗebo, ka riga ka zaɓi sakamakon da kanka.

Ka ajiye rubutattun ƙa'idojinka a gefe. Wanda bai taɓa rubuta su ba, bincikensa ya ƙare a nan, domin ba a tuhumar tsarin da babu shi a takarda. Ya rubuta su tukuna, ya gwada a demo, wato asusun gwaji da ba na kuɗin gaske ba.

Mataki na 2: Mayar da komai zuwa R

R shi ne adadin kuɗin da ƙa'idarka ta yarda ka rasa a ciniki ɗaya. A misalinmu dala 10 ne. Ka ƙara layi a Excel:

```
R = riba ko asara / 10
```

A wannan tsari, ciniki mai tsabta yana ƙarewa ne a kusan -1R ko +2R. Duk lambar da ta kauce wa waɗannan biyun da nisa, kamar -2.5R ko +0.5R, akwai labari a bayanta. Jimillar asarar dala 140 ta zama -14R.

Mataki na 3: Yi wa kowane ciniki tambaya biyar

Shin alamar shiga ta cika kafin ka shiga? A cikin lokacin da tsarin ya amince ne? Lot ɗin daidai yake? Sitof ya zauna inda ka sa shi? Ka bar cinikin ya fita da kansa? "A'a" guda ɗaya ta isa a jefa shi kashin karya ƙa'ida, ko da riba ya kawo. Wannan wurin ne mutane suke yi wa kansu sassauci: cinikin da aka shiga ba bisa ƙa'ida ba amma ya ci, sai a bar shi cikin masu tsabta. Yin haka yana ɓata lissafin gaba ɗaya.

Kada ka dogara da abin da kake tunawa. Shafin Journal yana rubuta duk lokacin da ka taɓa sitof daga wannan na'urar, da minti da daƙiƙa. Ka kuma lura da agogo. Lokacin da MT5 yake nunawa a History da jadawalin farashi na sabar dillali ne, ba na Najeriya ba, kuma dillalai da yawa suna gaban agogonmu da awa ɗaya ko biyu. Ita kanta Landan tana buɗewa ƙarfe 8 na safe agogon Najeriya da Nijar daga ƙarshen Maris zuwa ƙarshen Oktoba, sauran watannin kuma ƙarfe 9. Wanda bai gyara agogonsa ba yana iya shafe makonni yana shiga awa guda kafin lokaci, yana zagin tsari.

Ga abin da rabon ya fitar a misalinmu. Ciniki 13 sun bi ƙa'ida: huɗu sun ci, tara sun faɗi, wato +8R da -9R, saura -1R. Bakwai ɗin da suka rage su ne suka cinye -13R. A biyu an ja sitof baya da farashi ya matso, suka ƙare a -2.5R da -3R. Uku na ramuwar gayya ne, an shiga da rana tsaka bayan asarar safe da lot 0.10, kowanne ya tafi da -2R. Ɗaya an shiga ana saura mintoci a fitar da rahoton ayyukan yi na Amurka, wanda yawanci yake fitowa Juma'ar farkon wata, farashi ya tsallake sitof aka rufe a -2R. Na ƙarshen riba ce, amma an rufe da hannu a +0.5R saboda tsoro.

Ka duba jerin lokutan ma. Sau da yawa karya ƙa'ida ba a warwatse take ba, tana farawa ne bayan asara ta uku ko ta huɗu. Tsarin ya fara da asararsa ta al'ada, mai shi ya ɗora nasa a kai.

Mataki na 4: Sake buga wasan a takarda

Yanzu ka koma jadawalin farashi na waɗannan ranakun, ka bi kyandir ɗaya bayan ɗaya, ka rubuta abin da zai faru da an bi ƙa'ida ɗari bisa ɗari. Biyun da aka ja wa sitof za su tsaya a -1R kowanne. Wanda aka rufe da wuri ya kai wurin riba, +2R. Na ramuwa da na rahoto ba za a shige su ba sam.

Akwai kuma abin da tarihin asusu ba zai nuna maka ba: alamun da suka fito ka ƙi shiga. A misalinmu guda biyu ne, ɗaya ya ci ɗaya ya faɗi, +1R. Idan aka haɗa, tsarin ya ba da ciniki 18, shida sun ci, 12 sun faɗi, sakamako 0R. Asusun kuwa yana -14R. Wannan tazarar ita ce kuɗin rashin kame kai, kuma babu sabon tsarin da zai biya ta.

Ka rufe gefen dama na jadawalin yayin da kake wannan aiki. Idan kana ganin abin da ya biyo baya, idonka zai riƙa tsallake alamun da suka faɗi.

Mataki na 5: Auna jerin asarar da abin da tsarin ya saba

Sifili a ciniki 18 ba riba ba ce, don haka tambayar tsarin tana nan. A gwajin baya na ciniki 100, wato gwada tsarin a kan farashin da ya wuce, a ce 40 sun ci 60 sun faɗi: +80R da -60R, riba 20R, wato 0.2R a kowane ciniki. Tsarin da yake faɗuwa sau shida cikin goma dole ya jera asara. Lissafi ya nuna cewa a ciniki 100, asara biyar a jere kusan tabbas ce. Takwas a jere, damar ganinta kusan rabi da rabi ce. Sha biyu a jere kuwa ba ta kai ɗaya cikin goma ba. Ke nan takwas ba hujja ba ce a kan tsarin, ballantana ma wasu daga cikin takwas ɗin ba nasa ba ne. Cin shida cikin 18, inda ake sa ran bakwai, bambancin ciniki ɗaya ne tak.

Ciniki 18 sun yi kaɗan a wanke tsari ko a kama shi da laifi. Abin da suka nuna kawai shi ne ba shi ya cinye dala 140 ba.

Mataki na 6: Idan masu tsabtar ne suke zubar da kuɗi

A ce rabon ya fito akasin haka: 18 cikin 20 sun bi ƙa'ida, amma duk da haka ana -12R, alhali mafi munin faɗuwa a gwajin baya bai wuce -9R ba. Nan ne ake juyawa kan tsarin, kuma wuri uku ake dubawa.

Na farko motsin kasuwa. Ka ɗora ATR mai 14, ma'aunin matsakaicin tafiyar farashi, a jadawalin kwana-kwana, ka kwatanta na yanzu da na lokacin gwaji. Idan a da EURUSD yana tafiyar fif 80 a rana yanzu ya koma 50, neman fif 40 ya zama neman kusan duk tafiyar yinin. Alamarsa ita ce ciniki ya tafi fif 20 ko 25 a riba, ya juyo ya bugi sitof, sau da sau.

Na biyu kuɗin ciniki. Idan gwajin bai lissafa sifired, wato tazarar farashin saye da na sayarwa, da kamasho ba, kuma suna cin fif 2 a kowane shiga, 0.1R ke nan a kan sitof na fif 20. Rabin ribar tsarin ta tafi tun kafin farashi ya motsa. Za ka gane shi idan asara tana fitowa -1.1R riba kuma +1.9R a kai a kai.

Na uku gwajin kansa. Idan ka yi ta gyara ƙa'idoji har sai da suka dace da watannin da ka gwada, tsarin ya haddace waɗannan watannin ne kawai. Ka gwada shi a kan wata shekarar da ba ka taɓa dubawa ba, ba tare da ka canja ko lamba ɗaya ba. Idan cin ya sauko kusa da kashi 33 cikin ɗari, wanda shi ne iyakar da tsari mai neman 2R yake mayar da uwar kuɗi kawai, to dama can babu ribar.

Mataki na 7: Gyara abu ɗaya

Idan kame kai ne ya gaza, kada ka taɓa tsarin. Ka rage lot zuwa 0.02, ka sa sitof da wurin riba tare da shiga, ka rufe manhajar. Asara biyu a rana ɗaya, an tashi kasuwa. Ka yi ciniki 20 kana ba kanka maki a kan tambayoyi biyar ɗin nan, ba a kan riba ba, sai ka samu 20 cikin 20 kafin ka koma 0.05.

Idan tsarin ne, ka janye shi daga kuɗi na gaske zuwa demo, ka canja abu guda, misali ka ɗaura sitof da wurin riba a kan ATR maimakon fif 20 da 40, ka sake gwaji na ciniki 100. In duka biyun suna da laifi, ka fara da ƙa'ida, domin sai cinikin ya zama mai tsabta ne lambobinsa za su iya gaya maka wani abu game da tsarin.