Mafarki bayan istihara: inda muke yawan kuskure

A ƙauyukanmu na wajen Ringim, da kaka ta yi an sayar da riɗi da gyaɗa sai maganar aure ta tashi, istihara kuma ta biyo baya. A nan nake ganin mutanen kirki suna ruɗar kansu ba da niyya ba, abin kuma yana damuna.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne jiran mafarki. Mutum ya yi sallar, ya kwanta, wai in ya ga fari ko kore alheri ne, in ya ga baƙi ko ja a fasa. Hadisin Jabir ɗan Abdullahi da ke cikin Buhari bai kawo wannan ba. Abin da ya koyar raka'a biyu ne na nafila, sai addu'a, ka ambaci buƙatarka. Kana roƙon in alheri ne Allah Ya ƙaddara maka, Ya sauƙaƙe, Ya sa albarka, in kuma sharri ne Ya kawar maka da shi, Ya kawar da kai daga gare shi. Saboda haka bayan sallama tashi za ka yi ka ci gaba da nema da shawara, ka lura ko hanya tana buɗewa ko tana toshewa.

Ƙanena ya faɗa cikin wannan kuskuren bara. Wata biyar yana zuwa zance wajen wata yarinya a ƙauyen da ke gabas da mu. Ya yi istihara, a daren ya gan ta ta miƙo masa ƙwaryar nono fari tas. Da asuba ya same ni yana murna, ya ce, "Yaya, ai an nuna mini."

Na ce ya zauna. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya kasa mafarki gida uku: bushara daga Allah, baƙantawa daga Shaiɗan, da zancen zuci, wato abin da mutum ya wuni yana saƙawa. Wannan na ukun ne muke mantawa, kuma shi ya fi zuwa mana. Wanda ya wuni yana roron wake, in ya rufe ido wake zai gani. Na tambaye shi da tunanin wa ya kwanta, ya ce nata. Na tambaya ko ya taɓa mafarkinta kafin istiharar, ya ce sau da yawa. To me ya raba na daren jiya da sauran? Daɗin mafarki ba ya nuna daga ina ya fito, so kuwa hana ganin laifi ne. Ban ce masa ƙarya ya gani ba, na dai ce wannan bai isa a kai kuɗin gaisuwa a kansa ba.

Muka tura kawunmu ya bincika. Ashe mahaifinta ya riga ya amsa wa wani, har an karɓi kayan na-gani-ina-so. Ƙanen nawa ya dage, ya ce ai shi aka nuna wa. A nan ma'auni na biyu ya shigo, kuma ya fi na farko ƙarfi: shari'a ta hana nema a kan neman ɗan'uwa, mafarki kuwa ba ya halatta abin da aka hana. Duk abin da ka gani ko ka ji a ranka, dubi abin da yake tura ka ka aikata. In yanke zumunci ne, ko cin haƙƙin wani, ko barin salla, ba sai ka nemi mai fassara ba. Ƙanena dai ya haƙura bayan ƴan makonni.

Da wannan ma'aunin ake kashe wata fitinar da ta fi muni, wato yaro ya yi zazzaɓi, ya farka yana kiran sunan wata tsohuwa, gari ya ce mayya ce. Zafin zazzaɓin cizon sauro kaɗai yana sa sambatu da gane-gane. A kai yaron asibiti a gwada jininsa, a bar baiwar Allah da mutuncinta. Mummunan mafarki kuma an koya mana maganinsa: a yi tofi a hagu sau uku, a nemi tsari daga Shaiɗan, a juya kwanciya, kada a ba kowa labari.

Muryar da ake ji ido biyu kuwa daban take da mafarki. In mutum yana jin ana yi masa magana ko ana ba shi umarni, barci ya ƙaurace masa kwana da kwanaki, ya daina zuwa gona, ko ya fara cewa an ba shi wani matsayi da ba a ba kowa ba, kada a yi gaggawar kiransa waliyyi, kada kuma a ɗaure shi da mari. A ci gaba da addu'a, amma a kai shi wajen likitan ƙwaƙwalwa, a Kazaure ko a Dawanau, tun abin bai yi nisa ba. In muryar tana cewa ya cutar da kansa ko wani, a ranar za a tafi, kuma kada a bar shi shi kaɗai.